Masana biyar, cokula biyar: yadda manhaja ke cijewa da yadda ake kwance ta

Ku yi tunanin wani tebur. Mutum biyar ne zaune a kewaye da shi, masana falsafa, kuma aikinsu biyu ne kacal a duniya: tunani da cin taliya. Kowa da farantinsa. Tsakanin kowane faranti biyu akwai cokali mai yatsu guda ɗaya, wato cokula biyar ke nan. Sharaɗin kuwa shi ne ba mai iya ci sai ya haɗa cokali biyu, na hagunsa da na damansa. Kada ku tambaye ni dalilin da ya sa taliya ke buƙatar cokali biyu, ni ma da ɗaya nake ci.

Edsger Dijkstra ne ya fara kawo wannan matsala a 1965, a matsayin tambayar jarrabawa ga ɗalibansa. Daga baya Tony Hoare ya ba ta siffar da aka san ta da ita yau. Masanan suna wakiltar ma'aikatan da ke gudana lokaci guda a cikin manhaja, abin da ake rubutawa `thread`. Cokulan kuma makullai ne, irin su `mutex`, waɗanda ma'aikaci ɗaya ne kawai ke iya riƙewa a lokaci guda.

To, bari mu ba kowa umarni mafi sauƙi: in ka ji yunwa, ɗauki na hagu, sannan na dama, ka ci, ka ajiye su. Babu laifi a ido. Za a iya yin awanni ana ci lafiya lau.

Sai ranar da yunwa ta kama su duka a tare. Kowa ya miƙa hannu ya ɗauki na hagunsa. Cokula biyar, hannaye biyar, tebur ya zama wayam. Kowa ya juya dama, ya tarar cokalin na hannun maƙwabci. Na farko na jiran na biyu, na biyu na jiran na uku, haka har na biyar, shi kuma yana jiran na farko. An yi cirko-cirko. Ba wanda ya karya doka, kuma ba wanda zai sake kai loma baki har abada. Wannan ita ce cijewa, abin da ake rubutawa `deadlock`.

A 1971 Edward Coffman da abokan aikinsa suka fayyace sharuɗɗa huɗu da sai sun haɗu kafin a cije. Duk suna nan a kan teburinmu. Cokali ba ya rabuwa tsakanin mutum biyu. Mutum na riƙe da ɗaya yana jiran wani. Ba mai ikon fizge cokali daga hannun wani. Na huɗu kuma, jiran ya zagayo ya haɗe kamar zobe. Ka rushe ɗaya daga ciki, cijewa ba ta yiwuwa. Ukun farko suna da wuyar taɓawa, domin galibi su ne dalilin sa makullin tun asali. Zoben ne ya fi araha, don haka shi za mu tsinka.

Ga dabarar. Mu liƙa wa cokulan lamba, daga 0 zuwa 4, masanan ma haka. Masani 0 yana tsakanin cokali 0 da 1, masani 1 tsakanin 1 da 2, har mu kai ga masani 4, wanda ke tsakanin cokali 4 da 0. Sabuwar doka: a manta da hagu da dama, kowa ya fara da cokalin da lambarsa ta fi ƙanƙanta.

```python
def ci(i):
    a, b = sorted((i, (i + 1) % 5))
    with cokali[a]:
        with cokali[b]:
            ci_taliya(i)
```

Ku lura, mutum huɗu babu abin da ya canza musu. Masani 4 kaɗai ne dokar ta juya wa hannu, domin yanzu da cokali 0 zai fara, ba da 4 ba.

Mu sake kunna waccan mummunar rana a hankali. Masani 0 ya ɗauki 0, masani 1 ya ɗauki 1, masani 2 ya ɗauki 2, masani 3 ya ɗauki 3. Masani 4 ya nemi 0, ya tarar an riga shi, sai ya tsaya hannu rabbana. Nan ne sirrin yake: yana jira, amma bai riƙe komai ba. Cokali 4 na nan kwance a tebur. Masani 3 ya ɗauke shi, ya ci, ya ajiye 3 da 4. Masani 2 ya samu 3, ya ci. Haka abin zai yi ta warwarewa ta baya har kowa ya samu. In kuwa masani 4 ne ya riga kai hannu kan 0, to masani 0 ne zai tsaya hannu wofi, kuma hanya a buɗe take dai.

Wannan ba sa'a ba ce, kuma hujjar gajeriya ce. A ƙarƙashin dokar, duk wanda ke riƙe da cokali yana jira, to wanda ya fi nasa lamba yake jira. In ka bi sarƙar masu jira, lambobi hawa kawai suke yi. Kafin zobe ya haɗe sai ka dawo inda ka fara, kuma ba a hawa tsani a tsinci kai a matakalar farko. Dole sarƙar ta ƙare a kan wani da ba ya jiran kowa.

A wurin aiki ba za ku ga taliya ba, kuɗi za ku gani. Ma'aikaci ɗaya na tura kuɗi daga asusu 17 zuwa 42, ya kulle 17 yana neman 42. A daidai lokacin wani na turawa daga 42 zuwa 17, ya kulle 42 yana neman 17. Zobe ne na mutum biyu. Maganin ɗaya ne: ko ina kuɗin ya dosa, a fara kulle asusu mai ƙaramar lamba. Sai dai ku duba in asusun biyu ɗaya ne, domin akwai makullan da in ka nemi kulle su sau biyu, kanka za ka yi ta jira.

Yaya za ku gane an cije? Manhajar ba ta faɗi ba, ba ta fitar da saƙon kuskure ba, ta dai yi tsit, kuma kwamfutar ba ta wani aiki. A Java, umarnin `jstack`, mai nuna halin da ma'aikata ke ciki, zai nuna muku `Found one Java-level deadlock`, tare da wanda ke riƙe da me. Manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL kuwa, in jira ya kai daƙiƙa ɗaya a saitinsa na asali, sai ya binciki zobe, in ya samu ya soke aikin ɗaya daga cikin masu jiran da saƙon `deadlock detected`. In kuna son ganin abin da idonku, ku cire `sorted` daga misalinmu, ku sa `time.sleep(0.1)` tsakanin ɗaukar cokali na farko da na biyu, ku saki masanan biyar a tare. Nan take zai cije.

Jera makullai na da iyakarsa. Ya hana cijewa, amma bai yi alkawarin adalci ba: in makullin ba ya bin layi, wani zai iya daɗewa da yunwa maƙwabta na ta ci. Kun kuma ga a misalinmu mutum ɗaya ne ya fara ci, alhali cokula biyar sun ishi biyu. Babbar wahalar kuwa ita ce dole ka san makullan da za ka buƙata tun kafin ka fara. In kana riƙe da 42 sai ka gano kana buƙatar 17, dole ka saki 42, ka ɗauki 17, ka dawo, sannan ka sake duba ko wani ya canza abin da ka karanta ɗazu. A babbar manhaja kuma, wani aiki da ka kira yana iya ɗaukar makulli a ɓoye ya karya jerin ba ka sani ba. Shi ya sa masu gina Linux suke da `lockdep`, wanda ke lura da jerin da ake ɗaukar makullai yayin da tsarin ke gudana, ya yi ƙorafi da zarar ya ga an ɗauki biyu a juye, ko da ba a taɓa cijewa ba tukuna.