Layi mai zagaye a cikin jeri: yaya za a gane ya cika ko ba komi ciki?

Barkanmu da warhaka, jama'a, daga nan Maradi. Ku duba allo. Ga jeri mai gurbi biyar, lambobinsu daga 0 zuwa 4, kuma a cikinsa muke so mu ajiye layi: wanda ya fara shiga shi zai fara fita.

Hanya ta farko da ke zuwa wa mutum ita ce ta bencin masu jira a shagon aski. Na gaba ya tashi, kowa ya gusa. Mutum biyar su gusa ba wani abu ba ne. Amma in gurbi dubu ne, duk cirewa guda sai an kwashe abu 999 an matsar da su, aikin ya yi yawa. Saboda haka ba ma gusar da kowa. Muna riƙe lambobi biyu: `head` yana nuna gurbin da za a cire, `tail` yana nuna gurbin da za a sa sabo. Kayan na zaune inda suke, lambobin ne ke tafiya.

To in `tail` ya kai ƙarshen jeri fa? Sai ya koma farko, tunda an riga an cire na can. Layi ɗaya ke yin wannan:

```c
tail = (tail + 1) % N;
```

`N` shi ne yawan gurbin jerin, a nan 5. Alamar `%` tana ba da ragowar rabawa. In `tail` yana 4, a ƙara 1 ya zama 5, a raba da 5 ragowa 0. Zagayen ke nan.

Bari mu bi shi a hankali. Da farko `head` da `tail` duk suna kan 0. Mu sa 10, 20 da 30, `tail` ya koma 3. Mu cire biyu, 10 da 20 sun fita, `head` ya koma 2. Yanzu mu sa 40 a gurbi na 3, 50 a gurbi na 4, `tail` ya zagayo 0. Mu sa 60 a nan, ya koma 1. Mu sa 70, ya koma 2.

Ku tsaya nan. `head` yana 2, `tail` ma yana 2, kuma gurbi biyar duk a cike suke: 30, 40, 50, 60, 70. Amma ai lokacin da muka fara, ba komi ciki, su biyun a wuri guda suke. Wato `head == tail` yana nufin layi ya cika, yana kuma nufin ba komi. Na'ura ba ta ganin jerin yadda kuke ganinsa a allo, lambobin nan biyu kawai take dubawa.

Ɓarnar kuwa shiru take yi. In ka nemi cirewa, a ce maka ba komi, alhali abu biyar na jira. In ka sa 80, zai hau kan 30 a gurbi na 2, `tail` ya koma 3, layin ya nuna kamar abu ɗaya ke ciki. Ba saƙon kuskure, shirin bai tsaya ba, bayanai ne kawai suka salwanta. Alamar da za ka gane shi ita ce komi na tafiya lafiya lau in aiki kaɗan ne, sai bayanai sun zo a guje ka ga tsofaffi sun ɓace gaba ɗaya, an bar maka na ƙarshe.

Kuma ba wata dabarar `if` da za ta gyara wannan da lambobin biyu kaɗai. Jeri mai gurbi biyar yana iya ɗaukar abu 0, 1, 2, 3, 4 ko 5, hali shida ke nan. Tazarar da ke tsakanin `head` da `tail` kuwa daga 0 zuwa 4 take, hali biyar. Shida ba ya shiga biyar, dole biyu su haɗu. Saboda haka ko dai ka rage hali ɗaya, ko ka ƙara abin da kake riƙewa.

Rage hali ɗaya shi ne ka bar gurbi guda ba kowa har abada:

```c
int enqueue(int x) {
    int next = (tail + 1) % N;
    if (next == head) return 0;
    a[tail] = x;
    tail = next;
    return 1;
}
```

Mu koma kan 70 ɗin nan. `tail` yana 1, `next` ya zama 2, daidai da `head`, sai a ƙi karɓa. Layin ya cika da abu huɗu. Yanzu `head == tail` ba shi da wata ma'ana sai ba komi. Gurbin da aka bari ba wani tsayayye ba ne, shi ma zagayawa yake, kullum yana bayan `head`. In kana son wurin abu biyar, ka yi jeri mai gurbi shida.

Ɗaya hanyar ita ce ka riƙe `count`. In an sa ka ƙara 1, in an cire ka rage 1. `count == 0` ba komi, `count == N` ya cika, ba gurbin da ya tafi a banza. A aikin aji, ko shirin da ke yin abu ɗaya bayan ɗaya, wannan nake ba da shawara, don ta fi sauƙin karantawa.

Sai dai tana da iyaka, kuma masu haɗa ƙananan na'urori da Arduino su kasa kunne. In saƙo na shigowa ta waya, na'urar kan katse aikin da take yi ta ajiye shi a layi, sannan ta dawo. Mai sawa daban, mai cirewa daban, kuma dukansu suna taɓa `count`. A ido `count--` abu ɗaya ne, amma a ciki mataki uku ne: karanta, rage, rubuta. A ce ka karanta 3, kafin ka rubuta aka katse ka, sabon saƙo ya mai da shi 4, ka dawo ka rubuta 2. Gaskiyar lissafi 3 ce, abu ɗaya ya ɓace daga ƙidaya. A hanyar barin gurbi kuwa, mai sawa `tail` kaɗai yake rubutawa, mai cirewa `head` kaɗai.

Hanyar barin gurbin nan ce Arduino Uno take bi wajen karɓar saƙon `Serial`. Jerin gurbi 64 ne, shi ya sa `Serial.available()`, mai faɗin yawan haruffan da ke jira, ba ya wuce 63. A gudun 9600, kimanin haruffa 960 ke shigowa a daƙiƙa. In saƙo na kwararowa ka yi `delay(100)`, wato ka dakata kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, haruffa 96 za su zo, 63 su samu wuri, sauran 33 a watsar. In kun buɗe shirin da masu Arduino suka rubuta kada ku ruɗe, a can `head` ne mai sawa, `tail` mai cirewa. Sunayen ne aka juya.

Sai ƙidayar abin da ke cikin layi in ba `count`. Kada ka rubuta `tail - head` kawai. Lokacin da `tail` yake 1, `head` yake 2, amsar za ta fito -1, kuma a C alamar `%` ba ta gyara lamba mai ɗebewa. Ka ƙara `N` tukuna:

```c
(tail - head + N) % N
```

1 a cire 2 a ƙara 5 ya ba da 4: 30, 40, 50 da 60.

Wajen gwaji, kada ku tsaya kan sa uku a cire uku. Ku cika layin har ya ƙi karɓa, ku kwashe shi tas, sannan ku sake, amma wannan karon ku fara `head` yana tsakiyar jeri, don zagayen ya faɗo cikin gwajin.