Naira 650,000, amma tun yaushe?

Tun makon jiya ake ta turo min hoton wannan wasiƙa, wadda wani mai sayar da taki a Kura ya haɗa da takardar lissafi ya aika wa shugaban ƙungiyar manoma. Gaisuwa layi bakwai, har iyali da gona an tambaya. Sai can ƙasa: "Muna bin ku naira 650,000." Shi ke nan. Shugaba ya ga 31 ga Agusta a saman takarda, ya ce ai bashin jiya ne, me ake wa gaggawa?

Ni ban ga laifinsa ba.

Mu buɗe littafin mai shago. Ranar 5 ga Yuni manoman sun ɗauki takin kamfa buhu 20, naira 800,000, wa'adi kwana 30. Ranar 20 ga Yuli, yuriya buhu 10, naira 350,000, shi ma kwana 30. Ranar 10 ga Agusta suka turo 500,000.

To, a nan zan ɗan tsaya, don a nan ake tuntuɓe. Ranaku uku ne, kuma ba ɗaya ba ne: ranar da aka ɗauki kaya, ranar da wa'adi ya cika, da ranar da ka rufe lissafi. Idan ka ce "tun yaushe", ta tsakiyar ake nufi. Kafin wannan ranar, mutum bai saɓa alkawari ba. Wa'adin kamfa ya cika 5 ga Yuli, na yuriya 19 ga Agusta.

Kuma 500,000 ɗin nan, wanne aka rage wa? Mai shago ya cire daga tsohon bashi, yadda aka saba idan mai biya bai ce komai ba. Amma bai faɗa ba. Shi kuwa shugaba a ransa yuriya ya gama biya.

Ga yadda zan rubuta:

"Alhaji, bayan gaisuwa. Zuwa 31 ga Agusta, ragowar kuɗinmu a wurinku naira 650,000 ne. Daga ciki, 300,000 cikon kuɗin kamfa ne, wa'adinsa ya wuce tun 5 ga Yuli, yau kwana 57. Sauran 350,000 na yuriya ne, tun 19 ga Agusta, yau kwana 12. Mun karɓi 500,000 ranar 10 ga Agusta, mun cire daga na kamfa. Muna roƙon a biya zuwa 15 ga Satumba. Idan akwai biyan da ba ku gani a takardar ba, a turo mana rasit."

Ban da "tun farkon damina", ban da "bayan sallah". Wace sallar? Watan ma a rubuta sunansa, don 5/7 wani Mayu zai karanta.

Sai lambar asusu, sa hannu, sannan ka sake tarawa: jimlar wasiƙa ta zo daidai da layin ƙarshe na takardar lissafi. Idan ta bambanta ko da naira 500 ne, a kan wannan 500 ɗin za ku wuni.