Ranar Biyan Haya da Kuɗin Ruwan Shekarar Farko a IFRS 16

Jama'a, tun da IFRS 16, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta rubuta haya a lissafin kamfanoni, ta fara aiki a ranar 1 ga Janairu 2019, inda ta maye gurbin tsohuwar ƙa'ida IAS 17, mai karɓar haya ba ya tsayawa ga rubuta kuɗin haya a matsayin abin da ya kashe kawai. Wajibi ne ya shigar da abu biyu a lissafinsa, wato kadarar haƙƙin amfani da kuma bashin haya, sai dai idan hayar ba ta wuce wata 12 ba ko kayan mai ƙaramar daraja ne, ya kuma zaɓi wannan rangwamen.

Mu ɗauka kamfani ya yi hayar inji na shekara 5, zai riƙa biyan 100,000 a ƙarshen kowace shekara, kuma da rance zai ci don samun irin wannan inji, da ruwan kashi 10 cikin 100 za a ba shi. Jimillar biyan 500,000 ce, amma ba ita ce bashin ba, domin kuɗin da za a biya nan da shekara biyar bai kai darajar na hannu ba. Idan aka mayar da kowane biya zuwa darajarsa ta yau, za a samu 379,079. Wannan shi ne bashin haya a ranar farko, kuma shi ne ƙimar kadarar muddin babu wani kuɗin ƙulla yarjejeniya da za a ƙara mata.

Kuɗin ruwan shekarar farko kashi 10 ne na 379,079, wato 37,908. A ɗora shi a kan bashin, a cire 100,000 da aka biya, saura 316,987. Ita kuwa kadarar, ana raba ta gida biyar, darajarta na raguwa da 75,816 duk shekara.

To, inda na fi ganin ɗalibai suna tuntuɓe, kuma abin yana damuna domin kalma ɗaya ce a cikin tambayar da aka yi musu, shi ne idan aka ce a farkon shekara ake biya. A nan an riga an miƙa 100,000 na farko tun ranar karɓar injin, saboda haka ba bashi ba ne, kuma ruwa ba ya hawa kansa. Bashin ya zama darajar biya huɗu da suka rage, 316,987, ruwan shekarar farko ya sauko zuwa 31,699, alhali kadarar ta haura zuwa 416,987 saboda an haɗa mata abin da aka riga aka biya.

Wanda yake son ya gane ko ya yi kuskure, ya ja jadawalin bashin har zuwa biya na ƙarshe. Idan bashin bai ƙare a sifili ba, ban da ɗan bambancin cike lamba, ya koma ya duba ranar da aka ce ana biya.