Darasi: Abin da ke faruwa da ofshin idan ka riƙe shi har ranar ƙarewarsa

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau za mu shiga kasuwar hannun jarin Amurka, mu duba ofshin, wato yarjejeniyar da ke ba ka 'yancin saye ko sayar da hannun jari a kan tsayayyen farashi zuwa wata rana. A can kowane ofshin ɗaya yana ɗauke da hannun jari 100, kuma na wata-wata suna ƙarewa ne a Juma'a ta uku.

A ce ka sayi abin da allonka ya rubuta Call, wato 'yancin sayen hannun jari a kan dala 50 kowanne, wanda shi ne farashin yarjejeniya. Ka biya dala 2 a kan kowane ɗaya, dala 200 ke nan. Juma'a ta zo, an tashi kasuwa ƙarfe 4 na yamma agogon New York.

Idan an tashi a kan dala 48, allon zai nuna OTM, wato farashin kasuwa bai kai na yarjejeniya ba. Wa zai saya a 50 alhali kasuwa tana sayarwa a 48? Ofshin ya mutu, dala 200 ɗinka ta tafi, shi ke nan, ba wanda zai biyo ka bashi.

Idan an tashi a 55, wannan ITM ne, wato farashin kasuwa ya wuce na yarjejeniya, kuma a nan nake so ku buɗe kunne. OCC, cibiyar da ke daidaita cinikin ofshin a Amurka, tana zartar da duk Call ɗin da farashin kasuwa ya wuce farashin yarjejeniyarsa ko da da santi ɗaya ne, ba sai ka ce a yi ba. To ba tsabar kuɗi za a zuba maka ba. Hannun jari 100 za a saya maka, a cire dala 5,000 daga asusunka. A lissafi ka ci ribar dala 300 bayan ka fitar da 200 ɗin da ka biya. Amma kana da 5,000 ɗin? In babu, dillalinka na iya sayar da ofshin ɗin tun kafin a tashi, ko ya nemi ka ciko kuɗi. Sannan kayan suna hannunka har Litinin, in mummunan labari ya fito Asabar, asarar taka ce. Ku lura kuma, ITM ba lallai riba ba ne: a 51 ma za a zartar, amma ka yi asarar dala 100.

Saura ATM, wato an tashi a 50 cif, daidai da farashin yarjejeniya. Wannan ba a zartar da shi kai tsaye. Sai dai ciniki yana ci gaba bayan tashin kasuwa, kuma mai ofshin yana da damar ba da umarnin a zartar har ƙarfe 5:30, kodayake dillalai da yawa suna rufe ƙofa kafin nan. Wanda ya sayar da ofshin ɗin shi ke kwana da fargaba, don bai san ko an ɗora masa bayar da hannun jari 100 ba sai sanarwar dillali ta iso. Ni shawarata, in farashi yana yawo kusa da 50 kuma ba hannun jarin kake so ba, ka rufe cinikinka kafin ƙarfe 4.