Imel ɗin miƙa aiki: fara da abin da bai ƙare ba

(Daga laccar da aka yi wa matasa ma'aikata a Makka)

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Lokacin da aka ɗauke ni daga teburin motocin masu Umara aka mai da ni sashen masauki, imel mai shafi uku na rubuta wa wanda ya gaje ni. Har yadda ake buɗe ofis da safe na sa. Ba a yi mako ba ya kira ni ƙarfe biyu na dare: mutum 45 na tsaye a filin jirgin Jidda, babu bas. An sauya musu jirgi tun ina kan kujerar, maganar kuma tana cikin wayata. Na ce zan sanar da direba, sai hidimar tashi ta ɗauke min hankali. Laifina ne.

'Yan'uwa, aikin kullum wanda ya gaje ku zai koya ko ba ku. Abin da ba zai taɓa ganowa ba shi ne maganar da kuka bari a rataye, da alkawarin da kuka yi da baki. Da su za ku buɗe imel ɗin. Kowace magana ku faɗi inda ta tsaya, wa ake jira, yaushe wa'adi. Kada ku rubuta "a bibiyi maganar bas". Ku rubuta: "Ayarin Kano, mutum 45, za su sauka Jidda Asabar 1 ga Maris 2025, wato 1 ga Ramadan 1446, ƙarfe 1:30 na dare. An biya rabin kuɗin mota. Ba a sanar da direba sabon lokacin ba tukuna."

Kun lura na sa kwanan wata iri biyu? A ƙasar nan wata takarda da Hijiriyya take zuwa, wata da Miladiyya. Kuma don Allah ku bar rubuta "daren Juma'a". Wani zai ɗauka daren Alhamis wayewar Juma'a, wani ya ɗauka wayewar Asabar.

Sai maganar waya. Shafuka irin su Muqeem, na harkar takardun zaman baƙi, kan turo lambar tabbatarwa zuwa layin da aka yi rajista da shi. In layinku ne, magajinku ya maƙale ko da ya san komai. Ku lissafa shafukan, ku nemi manaja a buɗe masa izini da sunansa. Kalmar sirri kuwa ba a saka ta a imel.

Malam na gaba yana tambaya yaushe ake turawa. Hutunmu Juma'a da Asabar ne, in kun tura Alhamis da la'asar sai Lahadi zai duba, ku kuma kun tashi. Ku tura Talata, ku saka manaja a kwafi, Laraba ku zauna da magajin naku ya karanta a gabanku. Duk inda ya tsaya ya ce "wannan fa?", ku gyara wurin ku sake turawa.