Bonas da kamasho: yaushe suke tashi daga kyauta su zama haƙƙinka?

Jama'a, assalamu alaikum. Idan aikinka sayar da kayan kamfani ne, ko kana wurin da ake ba da bonas a ƙarshen shekara, wataƙila ka taɓa jin manaja ya ce, "Ai wannan kuɗin ganin damarmu ne, ba dole ba ne." Wani lokaci gaskiya ya faɗa. Sau da yawa kuma kuɗin ya riga ya zama bashi a wuyan kamfani. A dokar Najeriya, abin da ke raba biyun tambaya ɗaya ce: shin akwai sauran shawarar da ta rage wa kamfani ya yanke, ko ya riga ya gindaya sharaɗi kai kuma ka cika shi?

Mu ƙaddara wani ma'aikaci, mu ce sunansa Sani, yana sayar wa wani kamfani man girki a Kano. Takardarsa ta kama aiki ta ce albashinsa naira 120,000 a wata. Ta ce yana da kamashon kashi 2 cikin 100 na duk cinikin da kuɗinsa ya shiga asusun kamfani. A can ƙasa kuma ta ce kamfani na iya ba da bonas a ƙarshen shekara idan shugabanni sun ga dama.

Mu fara da kamashon. A wata uku Sani ya fitar da kayan naira miliyan 30. Miliyan 24 sun shiga asusu, miliyan 6 kuma suna hannun 'yan kasuwar da suka ɗauki kaya bashi. Kashi 2 cikin 100 na miliyan 24 shi ne naira 480,000. Wannan kuɗin babu sauran ganin dama a kansa, domin an faɗi kason, an faɗi sharaɗin, sharaɗin kuma ya cika. Ko yau Sani ya ajiye aiki, ko aka sallame shi, yana bin kamfani wannan kuɗi kamar yadda yake bin albashin kwanakin da ya yi aiki. Kamfani na iya rage kason a cinikin gaba idan yarjejeniyarsu ta ba shi wannan dama, amma ba zai waiwayo ya rage na cinikin da aka riga aka kammala ba.

To miliyan 6 ɗin fa? A nan mutane da yawa ke tafka asara. Kamashonsu naira 120,000 ne, amma bai zama haƙƙin Sani ba tukuna, saboda takardarsa ta rataya shi a kan shigar kuɗi, ba a kan fitar kaya daga sito ba. Da ta ce kamasho na tabbata ne da zarar an yanka rasit, da maganar ta sauya. Idan kuma ya bar aiki kafin masu bashin su biya, sai a koma wa takardar: akwai layin da ya ce sai wanda ke kan aiki a ranar biya zai karɓa? Idan akwai, kuma ya sa hannu, zai sha wuya. Idan babu, yana da hujja mai ƙarfi, tunda shi ya kawo cinikin. Don Allah, kafin ka miƙa takardar ajiye aiki, nemi wannan layin ka karanta shi da kyau.

Yanzu bonas. Yadda aka rubuta shi a takardar Sani, kamfani bai ɗauki alkawarin komai ba. Idan shekara ta ƙare aka ce bana babu, kuma ba a ba kowa ba, da wuya kotu ta tilasta. Amma a ce a watan Janairu shugaban kamfani ya fitar da sanarwa a rubuce cewa duk wanda cinikinsa ya kai miliyan 100 a bana zai samu albashin wata biyu. Sani ya dage, ya shiga kasuwar Singa, ya shiga ta Dawanau, ya kai miliyan 104. A nan kamfani ya riga ya yi amfani da ganin damarsa tun ranar da ya fitar da sanarwar. Ya yi tayi, Sani ya amsa da aikinsa, naira 240,000 ta zama abin nema. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, a nan kuwa doka ma haka take kallonsa. Haka abin yake idan an riga an ba ka wasiƙa cewa bonas ɗinka na bana kaza ne, sannan aka zo aka janye.

An yi irin wannan shari'a a Ingila. A shekarar 2008 bankin Dresdner Kleinwort ya sanar wa ma'aikatansa cewa ya ware yuro miliyan 400 na bonas, daga baya ya zabge kusan kashi 90 cikin 100. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta ce sanarwar ta ɗaure bankin. Hukuncin Ingila ba dole ba ne a kan alƙalin Najeriya, amma lauyoyi na kafa hujja da irinsa.

Akwai kuma hujjar al'ada, wato kamfani ya shekara da shekaru yana biyan ƙarin albashin wata guda da ake kira albashin wata na 13 ga kowa, adadi ɗaya, lokaci ɗaya. Ana iya cewa ya zama sharaɗin aiki. Ni dai ba zan so ka dogara da wannan kaɗai ba, domin idan kowace shekara wasiƙar biyan na cewa kyauta ce ta wannan shekarar kawai, hujjar ta yi rauni.

Idan an hana ka, wurin zuwa shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Sashe na 254C na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta hurumin sauraron rikicin albashi, alawus da sauran haƙƙoƙin aiki, kuma tana zama a Kano da Kaduna da Abuja da wasu biranen. Sai dai kotun ba ta ba da kuɗi a kan "ai kowa ya sani". Za ta nemi abu biyu: takardar da ta ba ka haƙƙin, da lissafin yadda ka kai ga adadin. Shi ya sa tun kana kan aiki za ka adana takardar kama aiki, littafin ƙa'idojin ma'aikata, sanarwar bonas, rasitan cinikinka da bayanan banki na kamashon da aka biya ka a baya. Ranar da aka sallame ka, galibi ranar ake rufe maka imel ɗin ofis. Saƙon WhatsApp ma na shiga hujja, amma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman takardar tabbatar da na'urar da aka ciro shi, saboda haka kar ka goge, kar ka rabu da wayar.

Kafin kotu, rubuta wa kamfani wasiƙar neman haƙƙi. A misalin Sani zai rubuta cewa yana bin naira 480,000 na kamasho bisa sakin layi kaza na takardarsa, da naira 240,000 na bonas bisa sanarwar Janairu, jimilla naira 720,000. Naira 120,000 na masu bashi kuwa ya ware ta daban, ya nemi a sanar da shi ranar da kuɗin suka shiga. Ya sa wa'adin biya, ya tabbata an buga hatimin karɓa a kan kwafinsa. Idan wa'adin ya wuce shiru, ya ɗauki kwafin da sauran takardunsa ya ga lauya da wuri, domin jinkiri kan ba kamfani damar cewa lokacin ƙara ya wuce.