Uku, Biyu, Ɗaya: Yadda Mai Shago Zai Tsare Lissafinsa Da Ɗan Kuɗi

A ce gobe da safe ka buɗe shago, ka danna kwamfuta, ta ƙi tashi. Kayan da ke kan kanta suna nan. Abin da ya tafi shi ne lissafi: wa ake bi bashi, nawa ne, wane dila ne aka biya rabin kuɗinsa. A bidiyon nan za mu ga tsarin da ake kira uku, biyu, ɗaya, wanda wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa, da yadda ƙaramin shago zai bi shi ba tare da ya sayi manyan na'urori ba.

Uku na nufin kwafi uku na bayananka: wanda kake aiki da shi, da wasu biyu na ajiya. Biyu na nufin a zuba su a ma'ajiya iri biyu, misali cikin kwamfuta da kuma filash. Idan ka kwafi fayil daga wata folda zuwa wata a kwamfuta ɗaya, ba ka yi komai ba, domin ranar da faifan cikinta ya mutu tare za su tafi. Ɗaya kuma na nufin kwafi guda ya kwana nesa da shagon, saboda gobara da ruwa da ɓarawo ba sa zaɓe, duk abin da suka tarar a ɗakin shi ke nan.

Kafin ka kashe ko sisi, zauna ka ware abin da idan ya ɓace ba za ka iya sake haɗa shi ba. Ga yawancin shaguna bai wuce lissafin bashi, da jerin kaya da farashin sari, da cinikin kullum, da rasidan diloli ba. Tara su a folda ɗaya, ka sa mata suna SHAGO. Za ka yi mamakin ƙanƙantarta. Fayil ɗin Excel mai layi dubbai da wuya ya wuce 'yan megabayit. Hotuna ne ke cin wuri: hoton rasidi goma a rana, kowanne megabayit 3, ya kai wajen gigabayit 11 a shekara. Saboda haka rage girman hoton, in dai ana iya karanta rubutun ya wadatar. Finafinai da waƙoƙi kuwa, a bar su a waje.

Kwafi na farko yana kwamfutarka. Na biyu, sayi filash. Mai gigabayit 16 ko 32 ya isa har da saura, amma a saya a wurin da aka yarda da shi, domin akwai na jabu da ke nuna girman da ba su da shi. Irinsu za su karɓi fayil lafiya lau, sai ranar buɗewa ka tarar da shirme. Sabon filash, cika shi da manyan fayiloli, ka zare, ka mayar, ka buɗe na farko da na ƙarshe. Kullum in an tashi, kwafi foldar SHAGO a kai, ka danna Eject, sannan ka zare shi. Kada ka bar shi a jikin kwamfuta. Akwai muguwar manhaja da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, kuma duk abin da ta samu a haɗe da kwamfutar tana kulle shi.

Na uku shi ne na nesa, wato ka ɗora foldar a ma'ajiyar intanet kamar Google Drive, kuma kyauta za ka iya samunsa. Asusun Google na ba da gigabayit 15, amma Gmail da Google Photos da Google Drive ne ke raba shi, kuma ajiyar WhatsApp ta wayar Android ma a ciki take ci. OneDrive, ma'ajiyar intanet ta Microsoft, na ba da 5. Shawarata, buɗe wa shagon asusunsa daban, da sunanka da lambarka, ba na yaron shago ba, don in ya bar aiki kada ya tafi da mabuɗin. Kunna tantancewa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara tabbatarwa ta wayarka, ka rubuta lambobin gaggawa da Google ke bayarwa a takarda, ka ajiye a gida. In waya ta ɓace, su ne za su shigar da kai. Wanda kuma intanet ke ba shi wahala, ya sayi filash na biyu. Ɗaya a shago, ɗaya a gida, ana musanya su duk mako. Sai dai ka sani, da wannan hanyar gobara na iya cinye maka lissafin kwana bakwai.

Yanzu ga inda masu ƙoƙari ma suke faɗuwa. Mu ɗauka ranar Litinin yaronka yana son jera sunayen masu bashi bisa haruffa. Ya zaɓi layin sunaye kaɗai, ya danna Sort, Excel ya yi masa gargaɗi, ya zaɓi a jera layin nan kaɗai. Sunaye sun motsa, kuɗaɗe sun tsaya inda suke. Bashin wannan ya koma kan wancan, ya adana ya rufe. Ba wanda ya lura sai Juma'a, da wani ya zo biya ya ce shi bai taɓa cin bashin da ya kai haka ba.

Ka ɗauko filash. Amma tun Litinin kullum kana kwafe sabo a kan tsoho, don haka ɓataccen ne a ciki. Ka leƙa Google Drive, shi ma da yake an saita shi ya riƙa daidaita kansa da kwamfuta, nan take ya ɗauki ɓarnar. Kwafi uku, duka ukun ba su da amfani. Drive yana riƙe tsofaffin zubin irin wannan fayil na kimanin kwana 30, abin da aka goge ma yana zama a Trash kwana 30, don haka a wannan karon za ka iya tsira. In sai bayan wata biyu aka gano fa?

Maganin ba ya cin kuɗi. Kada ka kwafe a kan na jiya. Kowace rana sabuwar folda mai kwanan wata, shekara a gaba don su jeru da kansu:

```
SHAGO-2025-03-14
```

Riƙe na kwana bakwai na baya, da na ƙarshen kowane wata har shekara. A misalinmu, sai ka buɗe foldar da aka yi kafin Litinin, ka ɗauko lissafin bashi mai kyau, ka ƙara masa abin da aka shigar a kwana huɗun nan daga rasidai. Aikin yamma ɗaya ne.

In manhajar ciniki kake amfani da ita ba Excel ba, kada ka kwafi fayilolinta tana buɗe, domin kwafin na iya fitowa a gurgunce. Nemi maɓallin Backup ko Export a cikinta, fayil ɗin da ta fitar shi za ka saka a folda. Mai littafin takarda kuma, ɗauki hoton shafin da aka rubuta yau kafin a rufe: littafin kwafi ɗaya, waya na biyu, Drive na uku.

Saura gwaji. Ranar farko ta kowane wata, kai filash ɗin wata kwamfuta daban, ka buɗe lissafin bashi, ka duba ko cinikin jiya yana ciki kuma jimilla ta yi daidai da ta shago. Sannan ka shiga Drive daga waya ka sauke fayil ɗin ka buɗe. In ka ga girman fayil 0 KB, ko kwanan watansa ya tsaya tun makonni, to kwafin ya daina tafiya. In filash ya fara cewa a yi masa Format, ko kwafi na tsayawa a rabi, kada ka lallaɓa shi. Sayi sabo a ranar, ka zuba masa daga kwamfuta.